Daƙiƙa 52 na maganar Yaya

Yayana kurma ne. Sanƙarau ya tafi da jinsa yana ɗan shekara 4, tun muna Kano, ni ko haihuwata ba a yi ba. Na buɗe ido na tarar a gidanmu ana magana da baki ana kuma magana da hannu, don haka ban san ranar da na koya ba. Yanzu duk muna Legas, ni a Agege, shi a kasuwar Mile 12 wajen 'yan gwari, yana sauke kaya yana yi wa dillalai aike. Harkarsa ta yau da kullum ba ya bukatar kowa. Amma duk ranar da magana ta yi nauyi har ta kai sai an rubuta, ni ake nema.

Kwanakin baya irin wannan rana ta zo. Wani Alhaji da Yaya ke yi wa aike ya ce ya ba shi naira 80,000 ya kai wa direban da ya kawo masa tumatir. Direba ya rantse ko sisi bai shiga hannunsa ba. Magana ta je gaban shugabannin 'yan kasuwa, suka ce kowa ya kawo bayaninsa a rubuce. Yaya ya jingina wayarsa da kwando, ya ɗauki kansa a bidiyo, ya turo min ta WhatsApp. Tsawon bidiyon daƙiƙa 52.

Ina zaune ina maimaita kallo sai ga ɗan maƙwabcinmu, yaro mai ƙwaƙwalwa da ke gyaran waya a Ikeja. Ya leƙa ya ce, "Kawu, ai an wuce wannan wahalar. Akwai manhajar da za ka ba ta bidiyon ta rubuta maka." Na ce bismilla. Kafin in kurɓi shayi sau biyu ta fito da jimla ɗaya ta Turanci, tsaf, har da aya a ƙarshe, ma'anarta: na ba direba kuɗin.

Da na ɗauki wannan jimla na kai wa shugabanni, da na rataya wa Yaya ƙarya da hannuna, domin bai ce haka ba. Abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan. Ina ganin yadda ake ta murna da waɗannan manhajoji, ana cewa kurame sun huta da neman tafinta, kuma mafi yawan masu murnar ba su taɓa zama sun mayar da maganar hannu ta minti ɗaya zuwa rubutu ba. Ra'ayina shi ne, a inda suke a yau, bai kamata a bar su kusa da maganar kuɗi, ko asibiti, ko ofishin 'yan sanda ba. Kuskurensu ma ba shi ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren yana fitowa sanye da riga mai guga, babu alamar da mai ji zai gane cewa kuskure ne.

Ga abin da ke cikin bidiyon. Da farko Yaya ya taɓa gefen goshinsa da yatsu biyu ya karkata su, sannan ya nuna damansa. Taɓa goshin nan sunan Alhajin ne, daga yadda yake karya hula. Kurame na raɗa wa mutum suna da abin da ido ke fara gani a jikinsa, kuma sunan ba ya cikin kowane ƙamus, sai wanda ke cikin mutanen ne zai san shi. Nuna dama kuwa ajiye Alhaji ne a wurin. Daga wannan lokaci har ƙarshen bidiyon, duk abin da ya fito daga dama daga Alhaji ya fito, duk abin da ya tafi dama wurin Alhaji ya tafi, ba sai an sake ambatar sunansa ba. Ya yi alamar riƙe sitiyari ya nuna hagu: direba ya zauna a hagu. Can gaba ya sake nuna hagu, amma ƙasa kaɗan, kusa da ƙugunsa. Wannan mutum na uku ne, yaron mota.

Alamar bayarwa ɗaya ce, siffar hannun ba ta canzawa. Abin da ke faɗa maka wa ya ba wa shi ne inda hannun ya taso da inda ya sauka. Hannun Yaya ya taso daga dama ya sauka a ƙirjinsa, wato Alhaji ya ba ni. Sai ya fara tafiya daga ƙirji zuwa hagu, wajen direba, amma yana tafiya Yaya na girgiza kai, leɓensa na ƙasa a ture. Sannan hannun ya sake tashi daga ƙirji ya sauka a hagu ta ƙasa, kai ya gyaɗa sau ɗaya. Ban ba direba ba, yaron mota na ba.

Manhajar ta ga kuɗi, ta ga sitiyari, ta ga bayarwa. Duk ukun suna nan, ba ta ƙaga ba. Abin da ta rasa shi ne girgiza kan, da tazarar da ba ta wuce taki ɗaya ba tsakanin mazaunin direba da na yaronsa.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba. Idan za mu kore magana muna sa mata "ba" a gaba da "ba" a baya, su rungume ta. Girgiza kai haka take yi, sai dai ita ba ta gaba ba ta baya, tana tafiya ne a kan maganar a lokaci guda. Ka ɗauki takarda ka goge duk "ba" da ke ciki ka ga abin da zai rage. Haka nan gira. A daƙiƙoƙin ƙarshe Yaya ya juya kafaɗarsa zuwa dama, ya ɗan ɗaga haɓa, idonsa ya bar kyamara ya koma kallon inda shi kansa yake tsaye ɗazu. Ya zama Alhaji ke nan, duk abin da ya biyo baya maganar Alhaji ce yake kawowa. Sai ya ɗaga gira sama, ya yi alamar direba da ta dawowa, ya ɗan tsaya, ya sauke girar, sannan hannu ya tashi daga jikinsa zuwa hagu. Ɗaga girar nan ita ce "idan". Alhaji ya ce, idan direba ya dawo, ni zan ba shi ragowar. Wanda bai lura da juya kafaɗar ba zai rubuta cewa Yaya ne ya yi alkawarin biyan ragowar. Wanda bai lura da girar ba zai rubuta cewa direba ya riga ya dawo.

Wani abin da ya ba ni dariya ina cikin rubutun shi ne, a wannan gaɓar maganar hannu ta fi Hausarmu tsari. Na rubuta "ya ce zai ba shi idan ya dawo", na karanta, na ga mutum uku ne ke rububin "ya" guda. A hannun Yaya babu wannan ruɗani, kowa na da mazauninsa a iska. Dole na bi jimlolin ina mayar da sunaye ɗaya bayan ɗaya.

Sai lamba, wadda ta fi cin lokacina. Yaya da ƙirgen makaranta yake amfani, mai hannu ɗaya, wanda ya zo daga maganar hannu ta Amurka. A can babban yatsa ne ke taɓa sauran: ya taɓa ƙaramin yatsa 6, na kusa da shi 7, na tsakiya 8, manuni 9. Tsakanin 70,000 da 80,000 ke nan bambancin yatsa ɗaya ne. Waya kan ɗauki hoto 30 a daƙiƙa, bidiyon Yaya ya kama hoto 1,560 ke nan, amma lambar ba ta ɗauki fiye da rubu'in daƙiƙa ba, hoto bakwai ko takwas. A cikinsu hannun na tafiya, rumfar ba haske, WhatsApp kuma ya matse bidiyon don ya rage nauyi, yatsun suka narke suka zama dunƙule. Na koma kallon baki, don Yaya yakan motsa leɓe da kalmomin Hausar da ya riƙe tun yarinta. Nan ma ba sa'a. Ka tsaya gaban madubi ka ce "saba'in", ka ce "tamanin", ba tare da murya ba. Leɓe na haɗuwa a gaɓa ta biyu a duka biyun, "b" da "m" kuwa a ido abu ɗaya ne. Ƙarshe sai da na kira shi ta bidiyo na ce, Yaya, nawa? Ya kawo hannun daf da kyamara ya tsayar. Saba'in.

Na san bakin da zan tambaya, na kuma san cewa ban gani ba. Manhajar ta tsallake lambar gaba ɗaya ba ta ce uffan ba.

Yaron maƙwabcin namu bai yarda da wuri ba. Ya ce, "Kawu, ai murya ma da can na'ura ba ta iya rubuta ta, yanzu ga shi tana yi." Gaskiyarsa. Amma a duba da me aka koyar da ita. Na'urar rubuta murya an ciyar da ita sa'o'i dubu ɗaruruwa na magana da rubutunta a gefe, daga rediyo, da talabijin, da littattafan da aka karanta aka naɗa. Maganar hannu ba ta da irin wannan rumbu, domin ba ta da rubutun da masu ita ke amfani da shi kullum. Sai an ɗauki bidiyo, an samu wanda ya ƙware ya zauna ya yanka shi jimla jimla, ya fassara. Tarin bidiyon da masu bincike suka fi gwada na'urorinsu da shi shekara da shekaru shi ne PHOENIX-2014T, daga Jamus. Rahoton yanayi ne na talabijin, masu fassara 9, kimanin awa 11, jimloli 8,257, kowa tsaye a sutudiyo da tufafi masu duhu, haske ta ko'ina, hannu biyu a sake, magana kuma ba ta wuce ruwa da iska da sanyi. Na'urar da ta yi abin kirki a nan, a filin da ta haddace ta yi. A 2022 aka shirya gasar fassara daga maganar hannu ta Jamusawan Suwizalan zuwa rubutaccen Jamusanci, a kan labarai da batutuwa iri iri, aka sa mutane suka auna sakamakon. Fassarar ɗan Adam ta haura maki 80 cikin 100. Na'urar da ta fi kowacce ba ta kai 5 ba. An samu ci gaba tun daga lokacin, ban musa ba, amma a harsunan da ke da tarin bidiyo ake samunsa.

To wane harshe ma Yaya yake yi? Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, suna zaton maganar hannu ɗaya ce a duniya. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame na ƙasar nan daga ta Amurka ta samo tushe. Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan Amurka, shi ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, bayan wadda ya buɗe a Gana a 1957, ɗalibansa suka bazu da ita. A nan Legas akwai makarantar Wesley ta Surulere tun shekarun 1950. A tsawon wannan lokaci harshen makarantar ya yi nasa rassan a Najeriya, ya ɗauko alamomin garri da danfo da sauran abin da Ba'amurke bai sani ba. Kuma kafin duk wannan, kuramen ƙasar Hausa na da tasu maganar hannun, wadda aka gada a kasuwa da majalisa, har masu ji da dama a Kano na iya taɓa ta. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta fitar da cikakken nazari a kanta a 2000. Yaya ya yi 'yan shekaru a makaranta, ya yi rayuwa a kasuwa, ya zo Legas ya cuɗanya da kurame Yarabawa da Ibo. A daƙiƙa 52 ɗin nan lambarsa ta makaranta ce, "kuɗi" da "ƙarya" na gida ne, bakinsa na motsi da Hausa. Manhajar da aka yaye da bidiyon Amurkawa za ta tsinci abin da ta sani, ta cike gurbin sauran da abin da ya fi kama da jimla.

Wannan cike gurbin shi ne cutar. Irin waɗannan na'urori kashi biyu ne a haɗe, ɗaya na gani, ɗaya na rubutu. Mai ganin sau da yawa yakan mayar da mutum ɗigo ɗigo. MediaPipe, wanda masu haɗa manhaja da yawa ke ɗauka kyauta, yana sa ɗigo 21 a kowane hannu, ya bi su daga hoto zuwa hoto. Hannu ya rufe hannu, ko ya gifta gaban fuska, ko ya fita daga hoton kamar yadda na Yaya ya kusa yi da ya nuna yaron mota, sai ɗigon su koma cinta. Mai rubutun kuwa gwani ne, ya ƙoshi da Turanci, ko me aka miƙo masa zai ɗinke shi ya fito da jimla mai santsi. Makaho ne ke ba marubuci labari, marubucin kuma ba ya taɓa cewa ban ji ba. Da muka yanke daƙiƙa biyun farko na bidiyon muka sake ba ta, sai ta ce Yaya ya je kanti a mota.

Duniya ta taɓa ganin irin wannan da mutum. A watan Disamba na 2013, wajen taron jimamin Nelson Mandela a Johannesburg, wani ya tsaya gefen shugabannin duniya yana kaɗa hannu sa'o'i, masu ji na kallo suna ganin aiki na tafiya. Kurame ne suka fito suka ce babu ma'ana a abin da yake yi. A nan lamarin juyawa kawai ya yi: kurma ya yi magana mai ma'ana, rubutun ya fito sumul, mai karantawa ba shi da hanyar aunawa, kurman kuma sau da yawa karatun Turancinsa bai kai ya kama inda aka karkatar da shi ba.

Na san abin da za a ce min, kuma ba maganar banza ba ce. Tafintoci sun yi kaɗan. Kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo na yaye wasu, amma je ka nemi wanda ya iya maganar hannu kuma yake jin Hausa a Legas da ƙarfe 11 na dare. Dokar hana wariya ga masu bukata ta musamman an sa mata hannu tun Janairun 2019, jihar Legas ma na da tata tun 2011, amma doka ba ta tsayawa a bakin gadon asibiti ta fassara. Akwai kuma sirri. Matar Yaya ita ma kurma ce, kuma akwai abin da za ta so faɗa wa likita wanda ba ta son ƙanin mijinta ya ji. Na'urar da ba ta da dangi ba ta da tsegumi za ta yi mata daɗi, in da ta iya. Mu tafintocin gida ma ba mala'iku ba ne. Na sha tausasa maganar Yaya idan ya yi zafi, ba tare da ya sa ni ba, kuma wannan ma cin amana ne ko da ƙarami.

Saboda haka ban ce a daina aikin ba. Manhajar da za ta taya mai ji koyon alamomi, ko ta gane kalma guda da aka yi a tsanake gaban kyamara, tana da amfani, a yi ta. Abin da nake ƙi shi ne ofis ko asibiti ya sayi kwamfutar hannu ya ajiye a kan kanta ya ce ya sauke nauyi. Kuɗin da za a kashe a nan gara a biya tafinta da shi, ko da ta kiran bidiyo ne. Masu son gina na'urar da gaske kuma su fara daga inda aikin yake, su biya kurame na Agege da Idi-Araba da Kano su yi hira a gaban kyamara da yardarsu, su biya kuramen da suka yi karatu su fassara, kuramen su san inda fuskokinsu za su. Murya ana iya ɓoye mai ita, maganar hannu ba ta rabuwa da fuska.

Duk wanda aka kawo wa irin wannan manhaja yana tallarta, ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. A samu kurma ya yi jimla ɗaya sau huɗu: yadda take, sannan da girgiza kai, sannan da ɗaga gira a matsayin tambaya, sannan ya juya inda hannun ke tafiya. Hausa za ta ba ka na ba shi, ban ba shi ba, na ba shi?, ya ba ni. Idan rubutun bai canza sau huɗu ba, hannu kawai take ƙirgawa. Sannan a ba ta bidiyon mutum yana korar ƙuda, a ga ko za ta ce ba ta gane ba. Yaron maƙwabcinmu ya gwada na ƙarshen da kansa, yana dariya. Ta rubuta masa gaisuwa.

Daƙiƙa 52 ɗin sun ci min awa ɗaya da rabi, suka fito layi 9 a takarda. Washegari na hau mota zuwa Mile 12, na tsaya gaban Yaya na mayar masa da rubutun zuwa hannu, layi bayan layi, yana kallo. A layi na 6 ya ɗaga min tafi. Na rubuta "yaron mota", shi kuma ya ce a ƙara cewa ƙanin direban ne, ya nuna min alamar da ya yi a bidiyon, yatsu biyu a jere na ɗan lokaci, wadda na kalla ya fi sau ashirin na ɗauka gyara hannu yake yi. Na gyara, ya dangwala.

Da aka kira ƙanin direban bai yi gardama ba, ya ce an ba shi 70,000, ya sha mai da wani abu a ciki, yana jiran su koma hanya ya faɗa wa wansa. Na ce wa shugaban zaman, "Ranka ya daɗe, saura maganar 10,000." Ya dubi Alhaji. Alhaji ya ce shi dai a saninsa tamanin ya ƙirga, amma zai duba littafinsa. Har yau da nake rubutun nan bai gama dubawa ba.